Sunana a fasfo ya saɓa da na satifiket: wanne zan gyara kafin tantancewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na samu tayin aiki a wani asibiti a Saudiyya, kuma an ce in fara da tantance takarduna ta DataFlow. A fasfona da NIN an rubuta RUKAYYA SA'IDU MUHAMMAD, a satifiket ɗin makarantar jinya kuwa RUKAIYA S. MOHAMMED. Wani ya ce in sake fasfo, wani ya ce takardar rantsuwa ta kotu ta wadatar. Wanne ya kamata in yi kafin in biya kuɗin tantancewar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama Rukayya. Kada ki taɓa fasfon, kuma kada ki dogara da takardar rantsuwa ita kaɗai. Inda ya kamata ki fara zuwa shi ne ofishin rajistaran makarantar da ta ba ki satifiket, domin can ne tambayar masu tantancewa za ta sauka, kuma amsar da ofishin ya bayar ita ce za ta shiga rahotonki. Na yi shekaru ina aiki a sashen ajiye bayanan ɗalibai na wata makaranta, inda irin waɗannan wasiƙu na neman tabbaci suke zuwa teburinmu, saboda haka daga wannan ɓangaren zan yi miki bayani.

Kamfanin DataFlow ba ya yanke hukunci a kan yadda ya dace a rubuta Muhammad da boko. Hukumar kula da ma'aikatan lafiya ta Saudiyya, wadda ake taƙaita sunanta da SCFHS, ita ce ke buƙatar a tabbatar da takardunki daga tushensu, shi kuma kamfanin sai ya ɗauki kwafin satifiket ɗinki da takardar izinin da kika sa wa hannu, ya aika wa makarantar yana tambaya ko ita ta bayar da wannan takarda, ko ga wannan mai suna ta bayar, ko kuma lambar ɗaliba da shekarar kammalawa sun dace da abin da ke cikin kundinta. Haka zai tambayi Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya game da lasisinki, ya kuma tambayi asibitin da kika yi wa aiki. Ke nan akwai tambayoyi biyu da mutane ke haɗawa wuri guda alhali daban suke. Ta farko, shin satifiket ɗin na gaskiya ne? Makaranta ce kaɗai ke iya amsa wannan. Ta biyu, shin mai wannan satifiket ita ce mai wannan fasfo? A nan ne bambancin harufa yake shigowa, kuma a nan ne ake buƙatar takardar da za ta haɗa sunayen biyu.

Dalilin da ya sa na ce ki bar fasfon yadda yake shi ne ya riga ya dace da NIN ɗinki. Hukumar Shige da Fice ba ta buga fasfo sai bayanan mai nema sun yi daidai da abin da ke rumbun hukumar NIMC, don haka idan kika ce za ki mayar da fasfo ya koma MOHAMMED, dole ki fara gyara NIN, sannan ki nemi izinin sauya bayanai a imigireshan tare da takardar rantsuwa da sanarwar jarida, sannan ki biya kuɗin sabon littafi mai sabuwar lamba. Bayan haka sunanki na banki zai saɓa da sabon NIN ɗin, sai ki bi shi ma. Za ki gyara takardu uku ko huɗu masu lafiya domin su bi guda ɗaya mai kuskure, kuma har kin gama ba ki rabu da harafin S. ɗin ba, tunda fasfo cikakken suna yake ɗauka. Ana gyara fasfo ne idan shi ne saniyar ware, wato takardar haihuwa da NIN da satifiket da lasisi duk sun haɗu a kan rubutu ɗaya, shi kaɗai ya fita daban, abin da aka fi gani a tsofaffin fasfo da aka yi kafin a haɗa su da NIN.

Kafin ki je ko'ina, ki baje takardunki a kan tabarma, ki ɗauki takarda da biro ki kwafe sunan da ke kan kowace harafi bayan harafi: takardar haihuwa, sakamakon WAEC ko NECO, takardar samun gurbin karatu, satifiket, takardar cikakken sakamakon darussa, takardar rajista da Majalisa, lasisi, takardar kama aiki, NIN da fasfo. Ki rubuta ranar haihuwar da ke kan kowace a gefe. Wannan aikin rabin awa ne, amma shi zai nuna miki inda kuskuren ya samo asali. A mafi yawan abin da na gani, tun wajen cike fom ɗin jarrabawar ƙarshe ta sakandare ne wani malami ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ji, makarantar gaba ta kwafa daga can, Majalisa kuma ta kwafa daga jerin sunayen da makaranta ta aika mata lokacin yi wa sababbin ɗalibai rajista. Sunayenmu na Larabci ne da aka sa musu haruffan boko ba tare da wata ƙa'ida guda ba, shi ya sa za ki ga Muhammad, Mohammed, Muhammed, Muhammadu da Moh'd a cikin gida ɗaya. Waɗanda suka yi karatu a Nijar kuma sukan dawo da Ousmane a madadin Usman, ko Aboubacar a madadin Abubakar, saboda rubutun Faransanci.

Idan kin zo kan fasfo, ki duba layuka biyun nan na ƙasan shafin da ke ɗauke da hotonki, waɗanda na'ura ke karantawa. Kowane layi yana da gurbi 44, kuma na farkon ne ke ɗauke da suna. Naki zai yi kama da wannan:

```
P<NGAMUHAMMAD<<RUKAYYA<SAIDU<<<<<<<<<<<<<<<<
```

Abin da ya zo bayan NGA har zuwa alamar nan biyu a jere shi ne abin da fasfo ya ɗauka a matsayin Surname, sauran kuma Given names. Za ki lura cewa Sa'idu ya zama SAIDU, domin ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ba ta yarda da alamar ɗauri a wannan layi ba, kamar yadda ƙ da ɗ da ɓ suke komawa K da D da B. Wannan ba kuskure ba ne, ba ya bukatar rantsuwa ko gyara. Amfanin duba layin shi ne ki san wane suna ne zai shiga gurbin sunan iyali a duk fom ɗin da za ki cike, saboda mu Hausawa mun saba jera sunan mutum da na uba da na kaka, kuma sau da yawa mai cike fom a shagon kwamfuta yakan juya su yadda ya ga dama, ya haifar da saɓani na huɗu a kan ukun da ake fama da su.

Saɓaninki uku ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. RUKAYYA da RUKAIYA, da kuma MUHAMMAD da MOHAMMED, bambancin rubutu ne na suna guda, kuma ma'aikacin da ya san Larabci zai gane haka da kallo ɗaya, ko da yake ganewarsa ba ta hana shi neman takarda a fayil. Wanda ya fi damuna shi ne S., domin zai iya zama Sa'idu, Sani, Salisu ko Sulaiman, kuma babu abin da ke kan satifiket ɗin da ke nuna wanne ne. Duk da haka naki mai sauƙi ne idan aka kwatanta da wadda aka ƙara mata suna ko aka cire, ko wadda ta koma amfani da sunan miji bayan aure, ko wanda aka sa masa sunan garinsu a wata takarda aka bar shi a wata. Waɗannan sauyin suna ne, hujjarsu ta fi nauyi, har da takardar aure ga wadda abin ya shafa. Idan kuma kika tarar ranar haihuwa ma ta saɓa, to ki dakata da batun biyan kuɗi baki ɗaya, domin suna da ranar haihuwa idan suka saɓa tare, mai dubawa yana da dalilin zargin cewa mutum biyu ne.

A makaranta, abin da za ki roƙa da farko shi ne a buɗe fayil ɗinki a ga yadda aka rubuta sunan a fom ɗin shiga da kundin ɗalibai da jerin waɗanda aka amince sun kammala. Abu biyu ne zai iya fitowa. Idan kundin yana ɗauke da RUKAYYA SA'IDU MUHAMMAD, mai buga satifiket ne ya yi kuskure, kuma kina da hujjar rubuta takardar neman a sake buga shi. Za a karɓi tsohon, domin ba a barin satifiket biyu a hannun mutum ɗaya, kuma za ki jira sa hannun shugabanni, wanda kan ɗauki makonni ko watanni gwargwadon makarantar. Wannan gyaran ya fi kowanne tsabta, kuma a irin wannan yanayi ya zama dole, saboda satifiket da ya saɓa da kundin makarantar da ta bayar da shi yana iya jawo amsar da ba ki so ko da babu maganar fasfo.

Idan kuwa kundin ma RUKAIYA S. MOHAMMED ya ce, wanda shi na fi zato, makarantu da yawa ba za su sake buga satifiket ba, kuma ba mugunta ce ta sa ba. Da wannan sunan aka ba ki gurbi, da shi kika zauna jarrabawa, da shi aka aika wa Majalisa, don haka sauya shi a takarda ɗaya zai raba ta da sauran bayanan. Abin da za ki nema a nan shi ne wasiƙar rajistara, a kan takarda mai tambarin makaranta, da sa hannu da hatimi da kwanan wata da lambar wasiƙa. Ta ambaci sunan kamar yadda yake a satifiket, da sunan kamar yadda yake a fasfo tare da lambar fasfon, da lambarki ta ɗaliba, da lambar satifiket, da shekarar shiga da ta kammalawa, da ranar haihuwa, sannan ta faɗa ƙarara cewa bisa bayanan da ke hannun makaranta waɗannan sunaye biyu na mutum ɗaya ne, kuma S. yana nufin Sa'idu. Galibi ba za a rubuta miki ita ba sai kin kawo takardar rantsuwa da kwafin fasfo da NIN, don haka zuwanki na farko na duba fayil ne, na biyu na karɓar wasiƙa.

Akwai abu guda da kusan kowa ke mantawa, shi ne ki tabbatar an saka kwafin wasiƙar da na rantsuwar a cikin fayil ɗinki, ki tsaya ki gani da idonki. Na taɓa ganin wasiƙar neman tabbaci ta zo da sunan fasfo a samanta, magatakardan da ke bakin aiki ya duba kundi bai samu sunan ba, ya mayar da amsa cewa babu wannan ɗalibi a wurinmu, alhali rajistara ya riga ya rubuta wa mai takardar wasiƙa watanni kafin nan, sai dai ba a ajiye kwafi ba. Wanda ya sa hannu a wasiƙarki ba lallai ne shi zai buɗe imel ɗin kamfanin ba. Ki kuma tambayi wane ofishi da wane adireshin imel ne ke amsa irin wannan buƙata, da ko makarantar na karɓar kuɗi kafin ta amsa, domin shirun makaranta kaɗai ya isa a rufe fayil da Unable to Verify, wato an kasa tabbatarwa.

Yanzu batun rantsuwa. Ana yin ta ne a Babbar Kotun jiha ko ta tarayya, a gaban kwamishinan rantsuwa, ko kuma a gaban lauyan da ke da izinin tabbatar da takardu, kuma ke da kanki za ki je da hotonki, ba aike ba. Ki kula da irin wadda za a buga miki, domin masu buga takardu a bakin kotu suna da tsararren rubutu na sauya suna wanda suke sauya wa sunaye kawai, inda za a ce a da ana kiranki kaza, yanzu kina so a kira ki kaza. Ke ba ki sauya suna ba. Wadda ta dace da ke ita ce ta tabbatar da cewa sunayen na mutum ɗaya ne, wadda kanunta kan ƙunshi kalmomin One and the Same Person. A ciki a jera kowane rubutu da takardar da yake kai da lambarta, a bayyana cewa rubutun fasfo shi ne daidai kuma shi za ki ci gaba da amfani da shi, a kuma ce duk takardun da ke ɗauke da ɗaya rubutun naki ne. Ki karanta ta harafi bayan harafi kafin ki sa hannu. Ba sau ɗaya ba na ga takardar rantsuwa da ta zo gyara MOHAMMED ta buge da rubuta MUHAMMED, rubutun da babu shi a fasfo kuma babu shi a satifiket. Ki karɓi rasit ɗin kotu ki ajiye tare da ita, kuma ki sani cewa faɗin ƙarya a cikinta laifi ne da doka ke hukuntawa.

Bayan rantsuwa sai sanarwa a jaridar da ke fita a faɗin ƙasa. Ba kowane mai tantancewa ke neman ta ba, amma hukumomin cikin gida sukan nema, kuɗinta kuma ba shi da yawa. Ki sayi jaridar ranar ki ajiye shafin gaba ɗaya yadda sunan jaridar da kwanan wata za su fito, kada ki yanke ɗan gurbin sanarwar kawai.

Abin da ya sa na ce rantsuwa ita kaɗai ba ta isa ba shi ne maganarki ce a kan kanki. Kwamishinan rantsuwa yana shaida cewa kin zo kin rantse ne, bai binciki ko abin da kika faɗa gaskiya ne ba. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da Bayelsa. Ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe rantsar da sabon gwamna, Kotun Ƙoli ta soke nasarar zaɓaɓɓen gwamnan jihar saboda sunaye mabambanta da ke kan takardun karatun mataimakinsa, kuma takardun rantsuwar da ya yi ba su cece shi ba. Abin da lauyoyi suka riƙe daga hukuncin shi ne hukumar da ta bayar da satifiket ita ce ke da ikon gyara abin da ke kansa. Lamarinki bai kai nasa nisa ba ko kusa, amma ma'aunin ɗaya ne, kuma shi ya sa wasiƙar rajistara ta fi rantsuwar nauyi a idon mai dubawa, ko da yake biyun tare ake so.

Ki duba lasisinki na Majalisa da irin wannan ido. Tunda daga jerin makaranta aka ɗauki sunan, mai yiwuwa ne shi ma MOHAMMED yake ɗauke da shi. Idan haka ne, ki sa shi cikin takardun da rantsuwar ta lissafa, ki kuma rubuta wa Majalisar ki haɗa da rantsuwa da shafin jarida da wasiƙar makaranta, domin fayil ɗinki na can ya san da zancen kafin a tambaye su. Takardar shaidar aiki daga asibiti kuwa, tunda yanzu za a rubuta ta, ki roƙi sashen ma'aikata su rubuta sunan fasfo, su ƙara layi ɗaya da ke cewa a kundinsu an rubuta shi da ɗaya sigar, idan haka yake.

Sai waɗannan sun kammala za ki buɗe fom. Duk inda aka tambayi sunanki, a DataFlow da Mumaris Plus, wato shafin rajista na SCFHS, da wajen yin rajistar jarrabawar lasisi da kamfanin Prometric ke gudanarwa, ki rubuta shi daidai da fasfo, domin a ƙofar ɗakin jarrabawa fasfo za a duba a gwada da sunan da ke kan rajista, kuma ana iya mayar da mutum gida saboda saɓani. Inda kuma aka tambayi suna kamar yadda yake a kan takardar karatu, ki kwafe shi da kuskurensa, RUKAIYA S. MOHAMMED, kada ki gyara shi da kanki don ya yi kyau, saboda da wannan rubutun ne makaranta za ta nemo ki a kundi. A gurbin da aka tanada domin hujjar bambancin suna, ki ɗora rantsuwar da wasiƙar rajistara da shafin jarida, ki haɗa su a fayil ɗaya idan gurbi ɗaya ne, kuma hoton ya fito sarai har hatimi ya karantu. Sa hannunki a takardar izini ya yi kama da na fasfo.

Akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba, domin a shagunan kwamfuta ake ba da wannan shawara kuma da fara'a ake ba da ita. Wani zai ce ki kawo ya gyara miki harufan a hoton satifiket ɗin kafin a ɗora, minti biyar an gama. Kwafin da kika ɗora shi ne kamfanin zai aika wa makaranta, ita kuma za ta gwada shi da abin da ta bayar, ta ce ba haka ta buga shi ba. Daga nan maganar ta tashi daga kuskuren rubutu ta koma sauya takarda, rahoto ya fito da sakamako mara kyau, ya tafi hannun hukumar da kike neman lasisinta. Rahoton da ya ce an kasa tabbatarwa ana iya neman a sake duba shi idan makaranta ta amsa daga baya, amma wanda ya ce an taɓa takarda yana da wuyar wankewa, kuma ƙasashen yankin Gulf da dama da wannan kamfani suke aiki. Haka nan idan kin ba wani ejan ya cike miki fom, ki zauna kusa da shi ki ga abin da yake bugawa, kuma imel da lambar sirrin shiga su zama naki.

Idan asibitin ya matsa da batun lokaci, ki rubuta musu cewa kina jiran wasiƙar makaranta game da rubutun suna, ki faɗi ranar da kika miƙa buƙatar. Rantsuwa kan samu a yini guda, jarida cikin 'yan kwanaki, wasiƙar rajistara ce ke iya jan ƙafa, musamman idan makaranta na hutu ko ana yajin aiki. Da zarar kin biya kuɗi kin miƙa fom, ki koma ofishin ko ki kira wanda kika gana da shi, ki sanar da shi cewa wasiƙar kamfanin na tafe, ki ba shi lambar fayil ɗinki ta DataFlow da lambarki ta ɗaliba a rubuce, domin idan ta iso da sunan MUHAMMAD ya san a ƙarƙashin MOHAMMED zai nemo ki.